Canza kalmomi ba ya wanke ɓarawon rubutu

Ƙanena da ka shiga jami'a bana, ko a Wad Madani kake, ko Sinnar, ko Damazin, akwai wata kalma da za ka ji a bakin malamai kafin ka gama zangon farko. Turawa suna ce mata filejarizim. A Larabcin jami'a za ka ji intihali ko sarika ilmiyya. Mu kuwa a Hausa ba mu da kunyar faɗin abu da sunansa: satar rubutu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarar da na san tsofaffin ɗalibai za su ba ka, wai ka ɗan canza kalmomi kawai, shi ke nan ka tsira. Wannan shawarar banza ce, kuma ita ce ta fi jefa yara cikin rami.

Asalin kalmar daga Latin ne, kuma da can ba ta da alaƙa da littafi. Sunan mai satar mutane ne, wanda zai kama ɗa ko bawan wani ya ce nasa ne. Wani mawaƙin Rum mai suna Martial, a ƙarni na 1 miladiyya, shi ya aro ta ya jefi wani da ke karanta waƙoƙinsa a bainar jama'a kamar shi ya tsara su. To ka duba, wanda ya sace yaro ya aske masa kai, ya sa masa sabuwar jallabiya, ya raɗa masa wani suna, yaron ya zama nasa? Iyayensa na ganinsa za su gane shi daga tafiyarsa. Haka rubutu yake.

Kada kuma wani ya ce maka wannan fitinar Turawa ce. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, shi ɗin da ya taɓa aika wa sarakunan ƙasar Takrur wasiƙar nasiha, har da na Katsina, ya rubuta risala guda mai suna Alfariƙ bainal Musannifi was Sariƙ, wato mai raba mawallafi da ɓarawo, don haushin wani da ya kwashi abin da ke littattafansa bai ambace shi ba. Kai ma da ka zauna a halwa ka san ba a kawo hadisi tsirara, sai an ce wane ya ruwaito. Hadda ba laifi ba ce. Laifin shi ne ka haddace, ka zuba a takarda, ka sa sunanka a sama.

Ga yadda nake kallon abin. Duk sa'ad da ka amfana da rubutun wani, bashi biyu ke hawa kanka. Na farko bashin lafazi, wato kalmominsa da yadda ya jera su. Na biyu bashin tunani, wato ra'ayin da ya wahala ya gano. Bashin lafazi ana biyansa ta hanya biyu: ko dai ka kawo maganar yadda take cikin alamar zance, ko ka rushe ginin gaba ɗaya ka sake naka. Bashin tunani kuwa hanyar biyansa ɗaya tak, ka ambaci mai shi, da shekarar littafin, da shafi. Sake faɗin magana da bakinka, abin da malamai ke kira i'adatus siyaga, ba ya zama halal sai an biya duka biyun.

Bari mu gwada da abin da ka sani. A ce an ba ka bahasi kan yadda iyayenmu suka zauna a Jazira, ka tarar da wannan sakin layi a wani littafi. Ni na tsara shi don misali, mu kira marubucin Malam Wane:

"Bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga a Jazira ya buƙaci hannaye fiye da waɗanda masu hawasha ke da su. Mahajjatan Afirka ta Yamma, waɗanda suka tsaya neman guzurin ƙarasawa Makka, su suka cike giɓin. Aikin da suka karɓa na kaka ɗaya shi ya zame musu zaman dindindin."

Ɗalibin da ya bi shawarar tsofaffi zai rubuta haka:

"Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925, aikin auduga a Jazira ya nemi ma'aikata sama da waɗanda masu gonaki suke da su. Alhazan yammacin Afirka, da suka yada zango neman kuɗin isa Makka, su suka toshe ramin. Ƙwadagon da suka kama na shekara guda shi ya koma musu zama na har abada."

Kusan kowace kalma ta canza, amma ɗora yatsa ɗaya a kan na farko, ɗaya a kan na biyu, ka bi su tare. Jimla uku can, jimla uku nan. Madatsa ta fara zuwa, sai ƙarancin hannaye, sai mahajjata, sai juyin nan na ƙarshe daga ɗan lokaci zuwa dindindin, wanda shi ne gishirin maganar Malam Wane. Yatsunka ba za su rabu ba har ƙarshe. Wannan sata ce sau biyu. Ko da ma ɗalibin ya sa sunan Malam Wane a ƙarshe, bashi ɗaya kawai ya biya, domin ya nuna wa mai karatu cewa ginin jimlolin nasa ne, alhali fenti kawai ya shafa. Malamai da yawa za su ɗauki wannan a matsayin laifi, kuma ina ganin suna da gaskiya.

Ga kuma wanda ya fahimci abin da ya karanta:

"A ganin Malam Wane, yawancin mutanenmu ba da niyyar zama suka sauka Jazira ba. Matafiya ne masu neman kuɗin hanya, sai suka dace da lokacin da gonakin auduga ke ƙishin ma'aikata, bayan an fara ban ruwa daga Sinnar a 1925. Abin da bai bayyana ba shi ne me ya hana su tashi bayan sun samu kuɗin."

Sai ya bi da shekara da shafi. Ka lura, ya fara daga inda Malam Wane ya ƙare, domin niyyar mutanen ita ce ta dame shi. Shekarar 1925 da sunan Sinnar suna nan yadda suke, don ba a sake wa suna da lissafi riga. Mai karatu ya san inda maganar Malam Wane ta fara da inda ta tsaya. Jimlar ƙarshe kuma ta ɗalibin ce, kuma ita ce za ta kawo masa maki. Amma cire "A ganin Malam Wane" da shafin nan, ka bar sauran yadda yake, nan take ya koma sata, duk da babu jimla ɗaya da aka kwafa.

Akwai wani tarko da ya fi kama irinmu masu harshe biyu ko uku. Tun da aka mayar da yawancin karatun jami'o'in Sudan zuwa Larabci daga 1990, ɗalibi kan samu maƙala da Turanci, ya fassara ta jimla bayan jimla, ya miƙa. A ransa yana cewa ai duk kalmomin nan ni na zaɓo su. Gaskiya ne ka sha wahalar fassara, amma tunanin da jerin hujjojin na mai maƙalar ne. Fassara kai tsaye hukuncinta hukuncin ɗauko magana: ka sa alamar zance, ka ambaci mai ita, ka ƙara da cewa fassarar taka ce.

Sai dai harshen nan namu yana da amfanin da abokan karatunka ba su da shi. Karanta sakin layin sau biyu, ka rufe littafin ko ka kife wayar. Faɗi abin da ka gane da Hausa, da baki, kamar kana yi wa Inna bayani tana tsintar wake. In ka kasa, ba ka gane ba tukuna, koma ka sake karantawa. In ka iya, sai ka rubuta da Larabci daga abin da bakinka ya faɗa, sannan ka buɗe littafin ka gwada da yatsu biyu. Inda ka ga kalmomi huɗu ko biyar a jere sun zo iri ɗaya, ko wata kalma mai armashi wadda ka san ba taka ba ce, ko ka sake ko ka sa mata alamar zance. A littafin da kake tara bayanai ma, duk abin da ka kwafa ka kewaye shi da jan biro tun a ranar, da shafinsa. Bayan wata biyu ba za ka tuna wanne ne naka ba.

Za ka ce, to kowace magana sai na kawo mai ita? A'a. Cewa Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuma ya ci gaba da jama'a gabas har suka kafa Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wannan sanannen tarihi ne, yana cikin littattafai barkatai. Amma C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya kafa hujja cewa Hausawan Sudan da yawa, har waɗanda aka haifa a nan, suna ɗaukar kansu mahajjata ne da ke kan hanya, kuma wannan ɗaukar tana tsara yadda suke rayuwa. Wannan nazari ne na mutum ɗaya, in ka yi amfani da shi dole ka kira sunansa. Na san abin da ciwo, a ce labarin gidanku sai ka jingina shi ga wani. To in daga bakin kakanka ka ji, shi ma madogara ne: rubuta cewa hira ce, da sunan gari da ranar da kuka yi ta. A wurina wannan ya fi kwafe daraja nesa ba kusa ba.

Game da kamu kuwa, kada ka dogara da cewa malaminka ba shi da manhaja irin Turnitin. Ita manhajar galibi kamannin lafazi take aunawa. Tana iya nuna adadi mai yawa a aikin da ba shi da laifi saboda ayoyi da maganganun da aka ɗauko bisa ƙa'ida, ta kuma nuna kaɗan a aikin da aka fassaro sukutum. Malamin da ya san aikinsa da kunne yake kamawa. Ɗalibin da Larabcinsa ke ɗingishi a shafi na 1, sai ga shi a shafi na 3 yana zuba balaga kamar limamin Azhar. A ranar munaƙasha sai ya ɗora yatsa a kan jimlar ya ce, me kake nufi da wannan?

Kuma takarda ba ta ruɓewa. Karl-Theodor zu Guttenberg yana ministan tsaron Jamus aka gano ya cusa rubutun mutane cikin kundin digirinsa na dakta ba tare da ambato ba. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin, shi kuma ya sauka daga kujerarsa cikin watan Maris na shekarar. Bahasin kammala karatunka ma za a ɗaure shi a ajiye a laburaren sashenku da sunanka da na mahaifinka a bango, kuma ƙannenka daga ƙauyenku su ne za su fara zuwa nemansa.