Sati 12 Kafin Jarrabawar Security+: Lissafa Awa, Ba Sati Ba

Idan kana aiki safe zuwa yamma kuma kana son zana CompTIA Security+ cikin sati 12, shawarata ita ce kar ka raba satittikan nan daidai wa daida tsakanin darussa. Nan ne lissafi yake fara karkacewa.

Fara da gaskiyar lokacinka. Ni dai in na tashi daga shago, bayan na wuni ina leƙen cikin waya, ko layi biyu na karanta sai barci. Don haka awa ɗaya bayan sallar asuba, kwana biyar, da awa uku ranar hutunka, ya fi alƙawarin kwana kana karatu. Awa 8 ke nan a sati, awa 96 gaba ɗaya. Ba yawa, ko? Shi ya sa rabon yake buƙatar hankali.

Cire sati ukun ƙarshe ka ajiye gefe, saura tara. Jarrabawar mai lamba SY0-701 kashi biyar ce, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Security Operations shi kaɗai ya ɗauki kashi 28 cikin 100, to ba shi sati biyu da rabi. General Security Concepts kashi 12 ne kacal, sati ɗaya ya ishe shi, duk da shi ne na farko kuma ya fi daɗin karatu. Ɓangaren barazana da hare-hare, mai kashi 22, sati biyu. Na tsarin ginin tsaro, mai 18, sati ɗaya da rabi. Na dokoki da shugabanci, mai 20, sati biyu; akwai gundura, amma makinsa ba ya wasa. Kafin ka fara, shiga shafin CompTIA ka tabbatar lambar ba ta canza ba, sannan ka sauke jerin abubuwan da za a tambaya.

Sati ukun nan da ka ajiye na gwaji ne zalla. Tambayoyi suna iya kaiwa 90 a minti 90, kuma sai ka samu 750 cikin 900 za ka tsallake. Kifa waya, saita agogo, ka zauna kamar ranar ce. Daga nan ka bi duk tambayar da ka faɗi, har da wadda ka ci da canke. Kallon bidiyon Professor Messer a YouTube yana sa ka ji kamar ka iya, sai an tambaye ka ko 3389 ta RDP ce ko ta SSH ka ga kana sosa ƙeya. Ta RDP ce, SSH 22.

In ranar aiki ta cinye maka karatu, ka biya a ranar hutu, kar ka taɓa satin gwaji. In kuma a sati na 11 kana faɗuwa a kashi guda kullum, ɗaga ranar jarrabawar tun da wuri, don kuɗinta da dala ake biya.