Lita ɗaya cif, cokali-cokali

Damina ta zauna, kuma mu mutanen Madarumfa mun san abin da take zuwa da shi bayan hatsi. Ba mu manta da 2018 ba, lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓulla a Nyelwa cikin watan Yuli, ta bi garuruwanmu. Amma zawon da ya fi yawan shiga gidajenmu shi ne na kullum, wanda ke tsotse ruwan jikin yaro. Maganinsa na farko kowa ta san shi: ƙunshin garin gishiri da sukari da ake bayarwa a likita, mai rubutun SRO. Wajen damawa ne muke yin kuskure.

Ranar zubi da ta wuce wata ƴar ƙungiyarmu ta ba mu labarin ɗanta mai wata goma sha huɗu. Zawo ya kama shi da dare, tana da ƙunshi ɗaya a ɗaki. Sai ta zuba rabinsa cikin kofin shan ruwa, wai ta ajiye saura don gobe, kuma a ganinta in ya yi kauri zai fi ƙarfi. Ta ɗaga kan yaro ta ɗura mishi, nan take ya amayar. Da safe ta ce magani bai karɓe shi ba. Ba mu yi mata dariya ba, don da yawanmu haka muka taɓa yi.

Rabin ƙunshi na rabin lita ne, ita kuwa ta zuba shi cikin kofin da bai fi kwatan lita ba, wato gishirin ya ninka. Ruwa mai gishiri da sukari fiye da ƙima janyo ruwan jiki yake yi zuwa cikin hanji, sai zawo ya ƙaru, gishiri ya yi yawa a jini, har yaro yana iya jijjiga. In kuma ruwan ya yi yawa, haɗin ya tsinke, ba ya mayar da gishirin da ya fita yadda ya kamata. Don haka ƙunshi ɗaya gaba ɗaya, cikin lita ɗaya. A duba bayan takardar ko a tambayi ma'aikacin lafiya, domin akwai ƙananan ƙunshi na rabin lita.

To ina za mu samu lita? Ledar piya wata mai rubutun 50 cl guda biyu lita ɗaya ke nan. A kula da babbar gorar ruwan kanti, yawancinta lita ɗaya da rabi ce, in aka cika ta an wuce. Kwanon sha kuwa ba ma'auni ba ne, kowane gida da girman nasa. Ruwan rijiya ko na tafki sai an tafasa ya huce tukuna. A wanke hannu da sabulu, a motsa har garin ya narke, uwa ta ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. Ba a ƙara sukari, ba a zuba shi cikin kunu ko madara.

Sai bayarwa, nan ne ake son haƙuri. Yaron da bai kai shekara 2 ba, bayan kowane zawo yana bukatar mililita 50 zuwa 100, wato ƙaramin cokalin shayi 10 zuwa 20. Cokali ɗaya kowane minti ɗaya ko biyu, yana zaune a cinya, ba a kwance ba. Ku lissafa, cokali 20 zai ci minti 20 zuwa 40. A bar wa abokiyar zama ko babbar ɗiya tukunya. Daga shekara 2 zuwa 10 kuwa mililita 100 zuwa 200 ne, yana kurɓa kaɗan-kaɗan daga kofi. In ya nemi ƙari a ba shi.

In ya yi amai ba a dainawa. A dakata minti 10, a ci gaba a hankali, cokali ɗaya kowane minti 2 ko 3. Nono kada a tsayar ko kaɗan, abinci ma haka. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a dama sabo. A karɓo ƙwayar zinki a ba shi kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya.

Akwai inda cokali ba ya isa. In yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, idanu sun faɗa, jiki ya saki, ko an ga jini a kashi, ko zawon ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, a kama hanyar likita ko cikin dare ne, ana ba shi yana kurɓa a hanya in yana iya haɗiya. Yaro mai tamowa mai tsanani shi ma likita za a kai shi, don nasa haɗin daban yake.

Ranar zubi mai zuwa kowace ta taho da gora wankakkiya. Za mu auna lita ɗaya tare, mu ja layi a jikinta, ta koma gida a ajiye ta kusa da ƙunshin.