Bulala tsoro take koya wa yaro, ba lissafi ba

Yaron da ambaliyar 2022 ta cinye gidansu a Haɗejiya zai iya firgita da jin yayyafi a kan kwano. Yayyafin bai yi masa komai ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta haɗa ƙarar da masifar. Irin wannan haɗi Ivan Pavlov na Rasha ya gano, inda karnukansa suka riƙa dalalar da yawu da jin alamar zuwan abinci.

Haka abin yake a aji. Idan kullum bulala ce ke biyo bayan tambayar lissafi, wata rana alli kawai malam zai ɗauka, gaban ɗalibi ya faɗi, abin da ya haddace ya gudu.

Shi kuwa B.F. Skinner na Amurka, sakamako ya duba: halin da ya jawo riba, maimaita shi ake yi. Yarinya ta yi birgima, uwa ta miƙa mata alewa don ta huta, gobe birgimar ta ƙaru. Uwar ma ta koyi miƙawa.

Duka yakan danne hali ne muddin mai dukan yana kusa. Malamin da ya ce "madalla" nan take, lokacin da yaro ya gwada, ya fi mai jiran kyautar ƙarshen zango samun hannaye a sama.