Daga Kura Zuwa Kadawa: Yaushe Ake Rabawa A Lissafin Jeri?

Duk shekara idan na zauna duba takardun jarrabawa, kuskure iri ɗaya nake gani a lissafin jeri da zaɓi. Ɗalibi ya haddace ƙa'ida, amma bai san abin da zai raba da shi ba, balle dalilin rabawar. Maganin abin tambaya ce guda: idan na musanya guraben abu biyu, an sami sabon abu ko kuwa?

Mu fara da KURA. Haruffa huɗu ne, babu mai kama da wani. Gurbin farko yana da zaɓi huɗu, na biyu uku, na uku biyu, na ƙarshe ɗaya: 4 × 3 × 2 × 1 = 24. BUNKURE kuwa haruffa bakwai ne, waɗanda za su ba da 5,040 da a ce duk sun bambanta. Sai dai U biyu ce, kuma musanya su ba ya sauya kalmar. Ke nan an ƙirga kowane jeri sau biyu, amsar ita ce 2,520.

A KADAWA ne ake yawan tuntuɓe. Haruffa shida suna ba da 720, sai ɗalibi ya ga A uku ya raba da 3, ya rubuta 240. Ba haka ba ne. Abu uku suna jeruwa ta hanya 3 × 2 × 1, wato shida, don haka 720 ÷ 6 = 120.

Yanzu mu shiga gona. A ƙaddara manoman rani shida ne a kan magudana ɗaya ta ruwan madatsar Tiga, kuma uku kaɗai za su yi ban ruwa yau. Idan za a tsara wanda zai fara, da mai bi masa, da na ƙarshe, jeri ne, domin na ƙarshe yana iya tarar da ruwa ya ja baya. Hanyoyin 6 × 5 × 4 = 120 ne. Amma idan mutum uku za a tura su yashe magudanar tare, wanda aka fara ambata bai fi na ƙarshe da komai ba. Wannan zaɓi ne: 120 ÷ 6 = 20.

Mai karatu zai lura 120 ta sake fitowa, kuma ba dace aka yi ba. A KADAWA, da zarar K da D da W sun kama gurabe uku cikin shida, sauran guraben na A ne, babu abin da ya rage a tsara. Shi ya sa lissafin ya zo daidai da na layin ban ruwa.

Shawarata ga ɗalibai ita ce: rabawa share maimaici ne. Kafin ku raba, ku faɗi sau nawa aka ƙirga abu ɗaya. Wanda ya kasa faɗa bai fahimci tambayar ba tukuna.