Fassarar ledar iri ba ta ƙarewa a kalmomi

Da damina ta kusa, Kawuna ya turo mini hoton bayan ledar irin masara, ya ce in mayar masa da rubutun zuwa Hausa. Na karanci Turanci a jami'a, amma layi guda ya tsayar da ni: 120 kg N/ha. Wani ya riga ya fassara masa shi da “kilo 120 na taki a kowace kadada”. Jimlar ta zauna daram, sai dai kurakurai biyu ne kwance a cikinta.

Harafin N ba taki yake nufi ba, sinadarin naitirojin da ke cikin takin yake nufi. Lambobin 15:15:15 da ke jikin buhun kamfa kaso ne cikin ɗari, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 7.5 kacal. Wanda ya zuba kamfa kilo 120 a hekta ya ba gonarsa kilo 18, alhali 120 ake nema. Zai ga tsofaffin ganyen ƙasa sun fara rawaya, ya ɗora laifin a kan iri. Lissafin da aka saba yi shi ne buhu 8 na kamfa, su ba da kilo 60, sannan buhun yuriya biyu da rabi da ɗoriya su cike sauran, tunda yuriya kashi 46 cikin ɗari ce.

Kuskure na biyu namu ne, mu 'yan jarida. Mun bar “kadada” tana yawo tsakanin eka da hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Da Kawu ya zuba wa ekarsa rabon hekta, da ya sayi buhu 8 inda uku da ɗan ƙari za su isa. A tsadar yau, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Haka batun tazara. Idan leda ta ce 75 cm x 25 cm, wajibi ne mai fassara ya fayyace cewa santimita 75 tsakanin kunya da kunya ne, 25 kuma tsakanin rami da rami, wato taƙi ɗaya da 'yan yatsu.

Ra'ayina shi ne kada a fassara irin wannan hoto sai an tambayi girman gonar, an ga duka ɓangarorin ledar, an kuma bar lambobin asali kusa da Hausarsu domin malamin gona ya iya dubawa. Hoton Kawu ya yanke layin ƙarshe. Da na ce ya sake ɗauka, sai ga gargaɗin cewa an cuɗa irin da maganin ƙwari, kada mutum ko dabba su ci. Shi kuwa ya riga ya ware ragowar don kajinsa.