Waiwaye: Katangar da aka auna ta da kai

Duk wanda ya yi gini a kan gangare a Jos ya san katangar tare ƙasa. Da nauyinta take aiki, shi ya sa ake yi mata gindi mai faɗi da kai siriri: ƙasar da ke bayanta tana ƙara turi ne gwargwadon zurfi, kuma idan tsayi ya ninka sau biyu, turin ya ninka sau huɗu. Shekarun baya na ga yadda rashin lura da wannan siffa wajen sayen kaya ya ci wata katanga a gidan wani ɗan'uwana.

Tsawonta mita 20 ne, tsayinta mita 1.5 har da abin da ya shiga cikin tushe. Faɗin kai santimita 40, faɗin gindi santimita 80, wato kusan rabin tsayi, kamar yadda aka saba. Wanda aka ba kwangilar ya ɗauki faɗin kai kawai ya buga lissafi, ya samu kubik mita 12, aka sayo siminti buhu 25.

Ga yadda ya kamata a yi. A haɗa faɗin kai da na gindi a raba biyu, a samu mita 0.6. A ninka da tsayi, 0.6 sau 1.5 ya ba da murabba'in mita 0.9, shi ne girman yankan katangar. A ninka da tsawo, a samu kubik mita 18. Ashe tun kafin a aza dutsen farko an riga an yi giɓin kashi ɗaya cikin uku.

Daga 18 ɗin nan ake fitar da komai. A ginin fasasshen dutse, wanda ba a sassaƙa shi ba, kwaɓi yakan cinye kusan sulusin katanga, wato kubik 6. Amma busasshen yashi da siminti suna raguwa idan sun sha ruwa, don haka ake ninkawa da kusan 1.3, ya zama 7.8. Idan haɗin ɗaya ne bisa biyar, siminti kashi ɗaya ne cikin shida, kubik 1.3. Buhu mai kilo 50 yana ɗaukar kusan kubik 0.035, saboda haka ana neman buhu 38, yashi kuma kubik 6.5. A bakin magina: buhu ɗaya kwano biyu ne, sai yashi kwano goma.

Dutse ne ya fi yaudara. Zallar dutsen da zai zauna a cikin katangar kubik 12 ne, amma tulin da tifa ke zubarwa cike yake da ramuka, kusan kashi 40 cikin 100 iska ce. Sai an sayi kubik 20 kafin a samu 12 ɗin, in an ƙara abin da zai tafi wajen fasawa da gyaran fuska, ya kai 22 ko 23. Kuma a auna bayan tifar da kai, kada a dogara da cewa "lodi guda ne".

Da kaya suka fara ƙarewa, maginin bai je ya ce "Alhaji, siminti ba zai kai ba" ba. Ya gina fuska da kyau, ya gina baya, ya cika tsakiya da ɓarɓashin dutse babu kwaɓi. Wannan ya fi ɓata mini rai, domin aibi ne da mai gida ba zai taɓa gani ba. Katanga irin wannan biyu ce sirara da ke jingine da juna. Babu dutsen ɗauri, wato dogon dutsen da ake shimfiɗawa ya ratsa daga fuska zuwa baya, aƙalla ɗaya a kowane murabba'in mita. Ba a sa bututun fitar ruwa ba, kuma da jar ƙasa aka cike bayanta maimakon tsakuwa.

Ruwan Agusta ya jiƙa ƙasar, bai samu hanyar fita ba, ya ƙara nasa turin. Katangar ta yi ciki a tsakiya, kwaɓin ya tsage a kwance, kai ya fara sunkuyowa. In ka buga ta da guduma sai ka ji amon fanko. In ka karci kwaɓin da ƙusa sai ya zube kamar gari, alamar yashi ya yi yawa ko ba a yi ban-ruwa ba.

Da aka rushe aka sake ginawa, sai da aka kafa katako mai siffar yankan katangar a kowane ƙarshe, aka ja igiya tsakaninsu don gindi ya cika santimita 80 ɗinsa. Ana jiƙa kowane dutse kafin a aza shi don kada ya shanye ruwan kwaɓi, manya a ƙasa, kuma gaɓa ba ta hawa kan gaɓa. Aka jera bututu mai inci uku duk bayan mita ɗaya da rabi, sama kaɗan da ƙasar gaba, da tsakuwa a bayansu. Aka yi mako guda ana ban-ruwa, kuma ba a cike bayanta ba sai da kwaɓin ya yi ƙarfi. Buhu 39 ta ci, ɗaya ya tafi a shafen kai.