Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, asusun waya irin su OPay, PalmPay da Moniepoint suka zama aljihun talaka, 'yan damfara kuma suka biyo kuɗin. Da Babban Bankin Najeriya ya ba da umarni a Disamban 2023 cewa a haɗa asusu da BVN ko NIN, sai suka sami abin fakewa.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Waya ta yi ƙara, murya mai ladabi ta ce daga kamfanin da yake ajiya ne. Mai kiran ya ambaci cikakken sunan ɗan kasuwar, ya ce za a rufe asusun yau saboda ba a sabunta BVN ba. "Alhaji, karanto min lambobin da suka shigo yanzu." Lambobin nan su ne OTP, kuma sun shigo ne domin a daidai lokacin ɓarawon yana ƙoƙarin buɗe asusun a tasa wayar. Da Alhaji ya karanta su, ya ƙara da PIN, shi ke nan, kuɗi sun tashi.

Sanin suna ba shaida ba ne, domin duk wanda ya rubuta lambar asusu kamar zai tura kuɗi, sunan mai shi zai fito masa. Babu kuma ma'aikacin banki ko wakili da aikinsa ke buƙatar PIN ko OTP na wani. Wanda aka kira haka ya katse wayar, ya nemi kamfanin da kansa ta lambar da ke cikin manhaja ko bayan katinsa.

A wurin mai POS, mai kati ya danna lambarsa da hannunsa, ya kare da ɗaya hannun. Shekarar haihuwa da 1234 su ne abin da ɓarawo ke fara gwadawa.

Layin waya ma yana buƙatar tasa lambar sirrin. Wanda ya sace layi a buɗe zai iya danna *565*0# ya ga BVN ɗin mai shi, kuma duk OTP hannunsa zai faɗo. Idan waya ta ɓata, a toshe asusu nan take da wayar wani: *901*911# a bankin Access, *966*911# a Zenith. Kowa ya nemi lambar toshewa ta kamfaninsa tun kafin ranar buƙata.

Wannan jarida tana kira ga kamfanonin da su riƙa aika gargaɗi da Hausa, a rubuce da kuma ta rediyo. Matasan da ke buɗe wa iyaye asusu kuwa, su koya musu katse irin wannan kira tun ranar farko.